Idan Ɗanmu Zai Fara Koyon Aiki A Ofis: Sutura, Lokaci Da Ladabi

Kowace shekara, idan makarantu suka sallami ɗalibai domin su je koyon aiki, iyaye sukan zo mana da tambaya iri ɗaya. Yaro ya dawo gida da takarda a hannu, an ce ya nemi ofishin da zai yi wata huɗu, alhali a gidansu babu wanda ya taɓa aikin ofis. Me zai sa a jikinsa? Ƙarfe nawa zai tafi? Yaya zai yi da manya idan ya shiga? Mun ga ya dace mu rubuta amsar a nan, domin iyaye da shugabannin zumuntar matasa su karanta tare da yaran.

Bari mu fara da bayanin shirin, don iyaye su san ba yawo yaron yake zuwa ba. Ana kiransa SIWES, ɗalibai kuma sukan ce ai-ti. Asusun Horar da Ma'aikata na Ƙasa, wato ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarsa take Jos, shi ne ya ƙirƙiro shirin a 1973, domin an lura cewa ɗalibai suna gama karatu ba su taɓa riƙe kayan aikin da suka karanta a littafi ba. Ɗalibin difloma, kamar na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato, yakan yi wata huɗu bayan shekararsa ta farko. Idan ya gama difloma yana son babbar difloma, sai ya yi shekara guda yana koyon aiki. Ɗaliban jami'a masu karatun kimiyya, aikin gona ko injiniya sukan yi kamar wata shida. Akwai ɗan alawus, amma kaɗan ne kuma yakan zo a makare, saboda haka kada gida ya ɗora lissafin kuɗin mota a kansa.

A yankinmu na Wurno, Rabah da Goronyo, wuraren da sukan karɓi irin waɗannan ɗalibai ba su da yawa. Akwai sakatariyar ƙaramar hukuma da sassanta na aikin gona, ayyuka, lafiya da kuɗi. Akwai babban asibiti da ƙananan asibitoci. Akwai ofisoshin noman rani, musamman na Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda take kula da madatsar ruwan Goronyo da aka gama ginawa a 1984. Da yake wuraren kaɗan ne, abin da ɗalibi ɗaya ya yi yana shafar na bayansa. Idan ya bar suna mai kyau, ƙanensa zai sami ƙofa a buɗe baɗi. Idan ya ɓata, sai a ce ba a ɗaukar ɗalibai bana.

Abin da muke so a gane shi ne wannan. Yaranmu ba su rasa tarbiyya ba. Yawancin abin da ofis yake nema sun riga sun koya a gida: gaisuwa, tsabta, girmama na gaba. Amma akwai wurare kaɗan inda abin da yake ladabi a ƙauye yakan zama laifi a ofis, kuma a nan ne yaron kirki yakan faɗi ba tare da ya san dalili ba. Su za mu fi daɗewa a kai.

Sutura

Ba a bukatar kaya masu tsada. Mun ga iyaye sun sayar da akuya don su saya wa yaro kwat irin ta ma'aikatan banki, ya sa ta kwana biyu a zafin Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, ya ajiye ta har abada. A ofisoshin gwamnati na ƙasar Sakkwato, cikakkiyar shigar namiji ita ce kaftani da wando da hula. Riga shat mai dogon hannu da wandon yadi da bel su ma sun wadatar, in dai an cusa rigar cikin wando. Ga mace, atamfa ɗinkin riga da zane, ko riga da dogon siket, ko doguwar riga, tare da ɗankwali da gyale. Babu wanda zai tilasta wa 'yarmu ta sake irin shigarta ta zama wata, amma rigar da ta rufe kafaɗa da ƙirji, da siket da ya sauka ƙasa sosai, su ne abin da idon mutanen wurin ya saba da shi, kuma su ne iyayenmu mata suke sawa zuwa sujada.

Kala uku sun isa wata huɗu, idan an san yadda za a juya su. A sa na farko ran Litinin, na biyu Talata, na uku Laraba. Da yammacin Laraba a wanke biyun farko, a goge su da dutsen guga na gawayi, kada a jira wutar lantarki. Su za a sa Alhamis da Juma'a. A zaɓi launin da ba ya nuna datti da wuri. Farar shadda tana da kyau, amma wanda zai hau kabu-kabu a ƙurar hunturu zai isa ofis da ita ta koma ruwan ƙasa. Singileti a ƙarƙashin riga yana tare gumi, ya sa rigar ta kai yamma.

Takalmi shi ne abin da aka fi mantawa, shi ne kuma mutanen ofis suke fara kallo. Silifan wanka ba na ofis ba ne. A sami sau-ciki ko takalmin fata mai kyau, ko da na gwanjo ne, a riƙa goge shi. Wanda zai yi tafiyar ƙasa cikin taɓo da damina, ya taho da silifa a ƙafa, takalmin ofis a leda, ya wanke ƙafa ya canza kafin ya shiga ƙofa.

Abin da za a bari a gida: rigar ƙwallo, wandon jins mai yage-yage, riga mai rubutu ko hoto, da turare mai ƙarfi. Rigar da take ɗauke da hoton ɗan siyasa ta fi kowacce haɗari a sakatariya, domin ba ka san ɓangaren da shugaban sashenka yake ba. Haka nan ankon zumunta da rigar babban taro, a ajiye su don ranarsu. Ba kunya ba ce, ofis ne kawai ba wurinsu ba.

Ɗalibin aikin gona ko na injiniya yana bukatar kaya na biyu. Ranar da za a fita fadama ko bakin magudanar ruwa, wanda ya zo da gogaggiyar shadda zai tsaya a kan tudu yana kallo, kuma za a lura. Ya tambaya tun jiya ko gobe akwai fita, ya taho da tsohon wando da takalmin roba a jaka. Ɗalibin asibiti kuwa makarantarsa ta riga ta faɗa masa irin rigar da zai sa, sai dai ya ƙara da yanke farce.

Lokaci

A gida muna auna lokaci da rana da kuma aukuwa. Mukan ce da hantsi, ko bayan an taso daga gona, ko idan rana ta yi sanyi. Idan aka ce taro ƙarfe goma, aka fara sha ɗaya, babu wanda ya yi laifi. A ofis akwai littafi. A ƙa'ida aikin gwamnati yana farawa ƙarfe 8 na safe, a tashi ƙarfe 4 na yamma, ran Juma'a kuma akan tashi da wuri saboda salla. Akwai rajistar sa hannu a bakin ƙofa ko a teburin akawu, inda kowa yake rubuta sunansa da lokacin da ya iso. A wasu wurare akan ja layi da jan biro bayan an ɗan wuce lokaci, duk wanda sunansa ya zo ƙarƙashin layin ya makara ke nan, ba sai an yi gardama ba.

Ɗalibi zai ga wani abu tun makon farko da zai ruɗe shi. Zai iso ƙarfe 8 ya tarar da maigadi da mai shara kaɗai, wasu manya ba za su shigo ba sai can gaba. Sai zuciyarsa ta ce masa, to ni me nake yi da sammako? Amsar ita ce, babban ma'aikaci yana da takardar ɗaukar aiki da shekaru a bayansa, kuma wataƙila ya biya ta wani aiki ne kafin ya iso. Ɗalibi ba shi da komai sai wata huɗun nan da abin da za a rubuta a kansa a ƙarshe. Kuma maigadi da masinja suna gani. Ranar da shugaban sashe zai tambaya, yaron nan yana zuwa kuwa, su zai tambaya.

Mu ɗauki misali mu yi lissafi. A ce ga yarinya mai karatun difloma a aikin gona, an karɓe ta a sashen aikin gona na sakatariyar Wurno, gidansu kuma yana wani ƙauye da sai an fito bakin titi an shiga mota. Wata huɗu mako 16 ne, kowane mako kwana 5, wato safiya 80 ke nan da za ta yi wannan tafiya. Lissafin daga baya ake fara shi. Tana so ta kasance a ofis ƙarfe 7:45, don ta share ƙura a jikinta ta sa hannu a natse. Daga tasha zuwa sakatariya, a ce minti 10 a ƙasa, wato ta sauka 7:35. Tafiyar mota minti 30, wato motar ta tashi 7:05. Ga inda yawanci suke kuskure: mota ba ta tashi sai ta cika, kuma jiran cika yana iya cin minti 30. Ke nan ta kasance a bakin titi 6:35. Daga gida zuwa titi minti 20, sai ta fita 6:15. Idan akwai ɗiban ruwa da shara da wanka da karin kumallo, tashinta ƙarfe 5 ne.

Idan aka yi wannan lissafi a gaban iyaye, abu biyu sukan fito fili. Na farko, dole a ɗauke wa yarinyar aikin safe na gida har ta gama. Uwar da ta ce sai ta ɗebo ruwa ta dama kunu kafin ta tafi, ita ce ta makarar da ita, ba mota ba. Haka uban da ya ce yaro ya fara kai shanu ko ya ba albasa ruwa tukuna. Na biyu, sau da yawa kuɗin mota na safiya 80 da yamma 80 ya fi abin da za a kashe idan ta zauna cikin gari. Ga kuma halin tsaro da yankinmu ya shiga a shekarun nan. Ba mu ba kowa shawarar ya kama hanya da duhun asuba ko bayan faɗuwar rana saboda rajista ba. Idan lissafin ya nuna sai an fita da duhu, to a nemi masauki a garin, wurin ɗan'uwa ko wani gida da fasto ko dattawan ikilisiya suka sani. Wanda ya zo gida ƙarshen mako ya koma ran Lahadi da rana bayan an tashi sujada. Safiyar Litinin ce ta fi cin ɗalibai.

Muna kuma ba da shawara a gwada hanyar sau ɗaya kafin ranar farawa, a ranar aiki, a daidai lokacin, da agogo a hannu. Ranar kasuwa motoci sun fi yawa, washegari kuma su yi ƙaranci, kuma da damina hanyar da take cin minti 20 tana iya cin awa guda.

Duk da haka wata rana za a makara. Taya za ta fashe, ko ruwa ya tsare. Abin yi shi ne a kira mai kula da kai kafin ƙarfe 8, ba bayan ba, a faɗi dalili a taƙaice da lokacin da ake sa ran isowa. Saboda haka a karɓi lambar wayarsa tun ranar farko. Idan an iso, a rubuta lokacin gaskiya a rajista. Wanda ya iso 9:10 ya rubuta 7:50 a ƙarƙashin sunan wanda ya rubuta 8:40, ya tona kansa da hannunsa, kuma daga ranar ba za a ƙara yarda da lissafinsa a kan komai ba. Kada kuma a sa wa aboki hannu. A wurin ma'aikaci ma wannan laifi ne da ake ba da takardar tuhuma a kansa.

Sai maganar biki da rasuwa. A ƙauye, idan aka yi rashi, kowa yana ajiye abin da yake yi ya tafi, kuma daidai ne. Mutanen ofis ma sun san wannan, ba za su hana ka ba. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne ka ɓace kwana uku, ka dawo kana bayani. A nemi izini tukuna, a faɗi ranar dawowa, a dawo a ranar. Taron matasa ko na mawaƙa da ya faɗo tsakiyar mako, a haƙura da shi bana. Muna roƙon shugabannin zumunta su ma kada su ɗora wa yaron da yake koyon aiki hidimar da za ta fitar da shi daga ofis.

Inda ladabin gida yake bukatar gyara

Gaisuwa tana nan daram. A gaida maigadi, a gaida masinja da direba da mai shara, kamar yadda za a gaida darakta. Waɗannan su ne suka san inda kowane mabuɗi da kowane fayil yake, kuma yawancinsu sun haifi ɗalibin. A ce musu Baba, ko Malam, ko Inna. Shugaba kuma a ce masa Yallaɓai ko Ranka ya daɗe, mace a ce Hajiya ko Madam, gwargwadon yadda aka ji sauran ma'aikata suna kiranta. Bambancin shi ne tsawo. Gaisuwar gida tana bin kwana da gajiya da iyali da gona da dabbobi. A ofis, idan ka tarar da mutum yana rubutu ko yana waya, rusunawa kaɗan da ina kwana sun isa. Ba a zubewa ƙasa a tsakiyar ofis, kuma sau ɗaya ake gaida mutum da safe, ba duk shigowa ba.

Kada ƙarami ya fara miƙa wa babba hannu. Tsakanin namiji da mace kuma, yawancin abokan aikinmu Musulmi ba sa musabaha, saboda haka a gaisa da baki kawai. Da hannun dama ake miƙa takarda, da shi ake karɓa. Idan lokacin azahar ya yi, ofis zai ɗan watse. Ɗalibi ya zauna ya kula da tebur, wanda ya zo nema ya ce masa an je salla, ya ɗan jira. Ba a bi ta gaban mai salla, ba a taka darduma da takalmi. Da azumi, a ci abinci a keɓe. Gardamar addini da ta siyasa kuwa, ko an ja ka, ka yi murmushi ka koma ga aikinka.

Yanzu ga babban wurin faɗuwa. Mun koya wa yaranmu cewa idan babba ya yi magana, a sunkuyar da kai a ce to. Tambayar babba ya maimaita kamar rashin kunya ce. A ofis wannan to ɗin tana jawo ɓarna. Mu koma ga yarinyarmu ta sashen aikin gona. Shugaba ya miƙo mata takardun sunayen manoma, ya ce ta kwafe su a babban littafi, kowace mazaɓa daban, ya faɗa da sauri yana fita. Ba ta ji kalmar mazaɓa ba, amma ta ce to. Ta yi kwana biyu tana kwafewa a jere yadda suka zo. Rubutunta mai kyau, aikin kuma ya lalace, ga shafukan littafin gwamnati da ba a yagewa. Da ta ce, “Yallaɓai, in na ji daidai, in raba su mazaɓa mazaɓa, ko in bi su yadda suke?”, da minti ɗaya ya isa. Wannan ita ce dabarar: ba cewa ban gane ba kawai, maimaita umarnin da bakinka don a gyara maka. A riƙe ƙaramin littafi da biro a rubuta abin da aka ce. Idan aikin mai tsawo ne, a yi shafi ɗaya a kai a duba kafin a ci gaba. Idan an gama, a koma a ce an gama, kada a zauna shiru ana jiran a tambaya.

Wuri na biyu shi ne labari. A ƙauye, wanda ya je gari ya dawo ana sa ran ya ba da labari, rowar labari ma abin zargi ne. Amma abin da ɗalibi ya gani a fayil ba nasa ba ne. Zai ga albashin mutane, da takardar tuhumar wani, da sunayen waɗanda za a ba taki. A asibiti zai ga cutar maƙwabcinsa. Ma'aikatan gwamnati suna ƙarƙashin dokar sirrin gwamnati ta 1962, kuma a 2023 an yi dokar kare bayanan mutane. Ko ba doka, garuruwanmu ƙanana ne. Maganar da aka yi a tsakar gida da dare tana iya isa kunnen mai ita kafin kasuwa ta ci, kuma za a san ta inda ta fito. Kada a ɗauki hoton takarda da waya. Iyaye, ku ma kada ku tambaya. Kada kuma wani ya ce wa yaro, tunda kana ciki, sa sunan kawunka. Ba shi da ikon, kuma gwadawar kaɗai ta isa a kore shi.

Fayil yana da dokokinsa. Kowace takarda a ciki tana da lamba a sama, a jere, saboda haka ba a cirewa, ba a sake jeri. Ɗalibi ba ya rubutu a cikin fayil sai an ce ya yi, kuma da shuɗi ko baƙin biro, domin ja da kore an bar wa manya da masu binciken kuɗi. Idan an aike shi da fayil zuwa wani ofis, ya tabbata an rubuta fitarsa a littafi, ya kai shi hannun wanda aka ce, ba tare da ya buɗe a hanya ko ya ajiye a kan benci ya tsaya hira ba. Idan fayil ya ɓace, wanda ya riƙe shi a ƙarshe ake nema.

Wuri na uku, hanyar kai kuka. A gida, mai damuwa yana iya zuwa kai tsaye wurin maigari. A ofis akwai tsani. Ɗalibi yana da mutum ɗaya da aka danƙa shi a hannunsa, ta wurinsa komai yake bi. Wanda ya tsallake shi ya je wurin darakta ko shugaban ƙaramar hukuma, ko da ɗan garinsu ne, ya ɓata da mutumin da zai sa masa hannu a ƙarshe.

Sauran ƙanana ne, mu faɗe su da sauri. A ƙwanƙwasa ko a yi sallama kafin a shiga. Ba a zama a kujerar shugaba ko da ba ya nan. Waya ta kasance a shiru cikin aljihu, kuma a nemi izini kafin a sa caji. Idan baƙo ya shigo wurin shugaba suka rage murya, a fita ba sai an ce ba. Idan manomi ko majinyaci ya miƙo na goro don a gaggauta masa, a gode a ƙi karɓa.

Aike da iyakarsa

Za a aiki ɗalibi sayen ruwa ko abinci, ko ya kai takarda a buga. Wannan ba wulaƙanci ba ne, kowa da haka ya fara. Ya je, ya dawo da canji daidai. Amma idan mako biyu suka wuce aike kaɗai yake yi, ya sami mai kula da shi a lokacin da ba kowa, ya ce, “Yallaɓai, makaranta tana so in rubuta abin da na koya, ko akwai aikin da zan taya a kai?” Da wuya a ƙi mai irin wannan roƙo.

Akwai kuma aiken da ba a zuwa. Idan wani ya ce wa 'yarmu ta same shi a gida ko a masauki bayan an tashi, ko ya ce sa hannu sai an ga juna, ta ce a gida ba a ba ta izini ba, ta faɗa wa iyayenta a ranar, a sanar da malamin da yake kula da shirin a makarantarta. Makaranta tana iya sauya mata wuri. Iyaye, idan yarinya ta kawo irin wannan magana, kada a fara da yi mata faɗa, in ba haka ba ba za ta sake faɗa ba.

Littafin rahoto

Duk abubuwan nan a wuri ɗaya suke taruwa. Makaranta tana ba kowane ɗalibi littafin rahoto, wanda suke kira logbuk. A ciki yake rubuta aikin kowace rana, mai kula da shi a ofis ya duba ya sa hannu duk mako. Malami daga makaranta yakan zo dubawa, sau da yawa ba tare da sanarwa ba, kuma idan ya zo bai tarar da ɗalibin ba, maki ya tafi. A ƙarshe akwai fom da ofis zai cike a kan halinsa da zuwansa, a buga hatimi, a kai wa makaranta da ITF.

A rubuta littafin kullum kafin a tashi, a rubuta abin da aka yi da gaske. “Na je ofis” ba rahoto ba ne. “Na bi malamin gona zuwa fadama, na ga yadda ake auna tazarar dashen albasa, na rubuta sunayen manoma 14” shi ne rahoto. Wanda ya bari sai ƙarshen wata ya zauna ya cike da biro ɗaya da hannu ɗaya, duk malamin da ya saba zai gane.

Ta yaya ɗalibi zai san ko abubuwa suna tafiya daidai, tunda mutanenmu ba su cika faɗa wa baƙo laifinsa a fuska ba? Ba komai da aka ce maka bayan ka makara ba ta nufin ba komai. A duba aiki. Idan ana ƙara ba ka abin yi, ana cewa taho mu je fadama, ana bar maka mabuɗi, to an yarda da kai. Idan aka daina aikenka, aka bar ka kana zaune, littafinka ya kwana biyu a kan tebur ba a sa hannu ba, akwai magana. A nan sai a sami wani dattijo a ofis, sau da yawa masinja ko tsohon akawu, a tambaye shi a keɓe, “Baba, ko akwai inda nake kuskure?” Zai faɗa.

A makon ƙarshe, kada a jira ranar Juma'a, domin ofis yana tashi da wuri kuma mai hatimi yana iya yin tafiya. Tun Litinin a kai littafi da fom a sa hannu a buga hatimi, a mayar da mabuɗi da duk abin da aka ara, a roƙi takardar shaidar kammalawa mai ɗauke da ranar farawa da ranar gamawa. A yi mata kwafi biyu, a ajiye ta asali a leda tare da sauran takardun makaranta, domin akan nemi irinta wajen neman babbar difloma ko neman aiki. Ranar tafiya a bi ofis ofis a yi sallama, har da maigadi.